Dogon Fim Ba Shi Ne Cikakken Fim Ba

Wata gardama ce ta kaure a majalisarmu ranar wata Asabar da daddare, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Ana hirar Salahuddin Ayyubi, sai zance ya gangaro kan *Kingdom of Heaven*, fim ɗin nan na yaƙin Ƙudus. Wani abokina ya ce wurin da ya fi girgiza shi shi ne inda gimbiya Sibylla ta kashe ɗanta da hannunta. Ƙanina, wanda ya kalli fim ɗin ya fi sau biyar, ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, wane ɗa kuma? Matar nan ba ta da ɗa a fim ɗin. Ko dai wani fim kuka kalla?"

Abokina ya rantse, ƙanina ma ya rantse. Aka kusa rabuwa dutse a hannun riga, sai da kowa ya buɗe wayarsa. Na ƙanina minti 144 ne. Na abokina ya kai wajen minti 190. Suna ɗaya, jarumai ɗaya, darakta ɗaya, amma labarin ya bambanta, kuma duk cikinsu babu maƙaryaci.

Abin da ya ba ni haushi ba gardamar ba ce, hukuncin da majalisa ta yanke ne a ƙarshe. Aka ce to shi ke nan, daga yau kowa ya riƙa neman wanda ya fi tsawo, domin shi ne "cikakke", gajeren kuwa "yankakke" ne. Ban yarda da wannan ba. A kan wannan fim ɗin sun yi daidai, amma da sa'a suka yi daidai. Tsawon fim ba ya nuna cikarsa, kuma sunan da aka liƙa masa ba ya nuna ingancinsa. Abin tambaya shi ne: wa ya riƙe almakashi, kuma me ya sa ya yanke abin da ya yanke?

Sunaye uku da muke gani a jikin fim

`Theatrical Cut` ita ce sigar da aka haska a gidajen sinima lokacin da fim ya fito. Ita masu sharhi suka yi wa sharhi, ita ta kawo kuɗi ko ta jawo asara, ita aka bai wa lambar yabo in an bayar.

`Director's Cut` kuwa asalinta kalmar cikin sana'a ce. A Amurka, yarjejeniyar ƙungiyar daraktoci ta bai wa daraktan babban fim makonni 10 bayan gama ɗauka ya zauna da mai tace hoto su haɗa fim ɗin yadda yake so, ba tare da kowa ya sa masa baki ba. Abin da ya miƙa wa kamfani a ƙarshen wannan wa'adi shi ne sigar darakta. Daga nan kamfanin da ya zuba kuɗi yana da ikon ya rage, ya ƙara, ko ya sauya ƙarshen labari, sai fa idan daraktan na cikin 'yan tsirarun da aka rubuta musu a kwantiragi cewa maganarsu ce ta ƙarshe. Daga baya 'yan kasuwa suka gane sunan yana sayar da faifai, suka fara buga shi a kwali.

`Extended Edition` ita ce sigar da aka mayar mata da wasu fitowar da aka cire, don masu son ƙari. Ba ta yi alƙawarin cewa haka darakta ya so ba. Ta dai ce ga ƙari nan.

Inda almakashi ya yanke jijiya

Mu koma kan fim ɗin da ya haɗa mu gardama, domin a nan ake ganin abin ƙuru-ƙuru. Darakta Ridley Scott ya haɗa fim mai tsawon sama da awa 3. Kamfanin Fox ya ga ya yi tsawo, aka rage kusan minti 45, aka fitar da shi a watan Mayun 2005. A Amurka bai yi kasuwa ba, masu sharhi da yawa suka ce yana da kyan hoto amma mutanen cikinsa ba su da dalilin abin da suke yi. A 2006 doguwar sigar ta fito a faifan DVD, kuma da yawa daga masu sukan suka sauya baki.

Me aka cire? A gajeriyar siga, Balian, jarumin fim ɗin, maƙeri ne a wani ƙauye na Faransa. Ya bar maƙera, ya isa Ƙudus, sai ga shi yana auna nisan da jifan majaujawa zai kai, yana tsara kariyar birni gaban rundunar Salahuddin kamar wanda aka haifa a fagen fama. Duk mai hankali zai tambaya: a ina maƙeri ya koyi wannan? A doguwar siga an amsa tun da wuri. Ya taɓa zuwa yaƙi, kuma aikinsa a can shi ne haɗa injinan rusa ganuwa. 'Yan jimloli ne kawai, ba su kai minti biyu ba, amma su ne ginshiƙin duk yaƙin ƙarshe.

Haka limamin cocin da Balian ya kashe a farkon fim. A gajeriyar siga wani mugun malamin ƙauye ne kawai mai baƙar magana. A doguwar kuwa ɗan'uwansa ne na jini, mai kwaɗayin abin hannunsa, mai son ya bar garin. Kisan ɗan'uwa nauyinsa daban, kuma shi ya sa tafiyarsa neman gafara take da ma'ana.

Babbar ɓarnar tana kan Sibylla. A doguwar siga tana da ɗa ƙarami. Da ɗan'uwanta sarki Baldwin, wanda kuturta ta cinye, ya rasu, yaron aka naɗa. Sai uwar ta lura da wani abu: yaron ba ya jin zafi. Likitoci suka gwada shi da tsinin allura a ƙafa, ko gezau. Ta gane ciwon da ya cinye ɗan'uwanta ya kama ɗanta. Ta zaɓi ta ba shi guba da ta zuba ido ta ga ya ruɓe da ransa. Bayan mutuwarsa ne mulki ya faɗa hannun mijinta Guy, mai neman yaƙi ido rufe. Duk wannan an share shi daga sigar sinima, ko inuwar yaron ba a gani. Sakamakon haka, mai kallo yana ganin mace mai hankali da ƙwazo ta rikiɗe dare ɗaya, ta miƙa wa azzalumi sarauta, ta koma kamar mai taɓin hankali, ta aske gashinta, ba tare da an gaya masa dalili ba. Ƙanina ya daɗe yana cewa matar nan ba ta da kan gado. Ashe rabin labarinta aka ɓoye masa.

(A gefe guda, kada wani ya ɗauki wannan a matsayin tarihi. Yaron ya wanzu, ya rasu a 1186, Ƙudus ta faɗa hannun Salahuddin a 1187. Amma batun kuturtarsa da gubar uwarsa ƙirƙirar marubucin fim ce.)

To me ya sa kamfani zai yi wa kayansa haka? Lissafi ne. Ɗauki ɗakin sinima da ke aiki awa 12 a rana, wato minti 720. Tsakanin haskawa da haskawa a ware minti 30 na talla, shara da shigar mutane. Fim mai minti 144 zai shiga sau 4. Mai minti 190 sau 3 kawai zai shiga. Kashi ɗaya cikin huɗu na tikitin rana ya tafi, a kowane ɗaki, a dubban ɗakuna. Mai kuɗi da ya ga wannan lissafi ba ɗan Sibylla yake gani ba.

"Ai ka ga, dogon shi ne daidai"

Wannan ita ce hujjar majalisarmu, kuma *The Lord of the Rings* ta isa ta rushe ta. Kashi na farko minti 178 ne a sinima, doguwar sigarsa ta ƙaru da kusan rabin awa. Kashi na uku minti 201 ne, doguwar ta ƙaru da kusan minti 50. Amma ba a kira su sigar darakta ba, kuma da gangan ne. Daraktan, Peter Jackson, ya faɗa da bakinsa cewa sigogin sinima su ne tabbatattu a wurinsa, dogayen kuwa ya yi su ne don masoyan da ke son ganin komai. Babu wanda ya ƙwace masa almakashi. Shi ya yanke, don yana ganin gudun labarin ya fi kyau a haka. Kuma sigar sinima ta kashi na uku ce ta lashe lambobin Oscar 11.

Mu da ke cin tuwo mun san wannan. Miya tana da ƙa'idar ruwanta. Idan baƙi suka yi yawa aka ƙara ruwa, ta yi auki, amma ba ta ƙara daɗi ba. Yawancin fitowar da ake cirewa daga fim ba don mugunta ake cire su ba. Ko dai sun maimaita abin da mai kallo ya riga ya fahimta, ko sun tsayar da labari a daidai lokacin da ya kamata ya yi gudu. Tacewa rabin aikin fim ce. Wanda ya taɓa zama kusa da mai tace hoto, ko da na bidiyon biki ne, ya san cewa abin da aka zubar ya ninka abin da aka bari.

Sai dai zan yi adalci. Ko a wannan fim ɗin akwai inda dogon ya fi. Mutuwar Saruman, ɗaya daga cikin manyan mugayen labarin, an cire ta daga kashi na uku a sinima, har Christopher Lee da ya fito a matsayinsa ya nuna ɓacin ransa a fili. Wanda ya kalli gajeriyar siga kaɗai, mutumin ɓacewa kawai yake yi. Wannan rami ne na gaske. Amma rami ɗaya bai sa a ce wa wanda bai taɓa kallon fim ɗin ba ya fara da zaman sama da awa 11. Na ga wanda aka yi wa haka. Barci ya kwashe shi tun kafin jaruman su bar ƙauyensu, ya tashi yana cewa fim ɗin ba shi da daɗi.

"To in an rubuta sunan darakta fa?"

Nan ma sai an yi hattara, kuma abin dariyar shi ne Ridley Scott ɗin dai shi ne shaida. Fim ɗinsa *Alien* ya fito a 1979. A 2003 aka sake fitar da shi da tambarin `Director's Cut`. Wannan sigar ta ma fi ta asali gajarta da kusan minti ɗaya, domin ya ƙara wasu wurare ya rage wasu. Shi da kansa ya bayyana cewa ta 1979 ce yake ɗauka a matsayin tasa, sunan kuwa don talla aka sa. Ga sigar darakta da darakta bai fifita ba, ga ta kuma ba ta fi tsawo ba. Ƙa'idar majalisarmu ta faɗi ta fuska biyu.

Wani fim ɗinsa, *Blade Runner*, ya fi rikitarwa. Da aka gwada haska shi ga 'yan kallo kafin fitowarsa a 1982, mutane suka ce ba su gane ba. Masu kuɗi suka sa aka ɗora muryar jarumin fim ɗin, Harrison Ford, yana bayanin abin da ke faruwa, aka kuma liƙa ƙarshe mai daɗi inda masoya suka tsere cikin koren daji. A 1992 aka fitar da `Director's Cut`: aka cire muryar, aka cire ƙarshen, aka ƙara wani ɗan gajeren mafarki wanda ya sa mai kallo ya fara zargin ko jarumin kansa mutum ne ko kuwa ƙera shi aka yi. Amma cikin gaggawa aka yi aikin, Scott ya ba da umarni ne kawai, bai zauna a kai yadda yake so ba. Sai a 2007, da `The Final Cut`, ya samu cikakken iko. Duk sigogin nan tsawonsu kusan ɗaya ne, wajen minti 117, amma ma'anar labarin ta juya. Wanda ke auna fim da agogo ba zai taɓa ganin wannan bambanci ba.

Akwai kuma hannu na uku da ba na darakta ba, ba na kamfani ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya mun san *Sholay* na 1975. Ƙarshen da darakta Ramesh Sippy ya ɗauka shi ne Thakur ya kashe Gabbar. Hukumar tace finafinai ta Indiya ta ƙi, a zamanin dokar ta-ɓaci, sai aka sake ɗauka 'yan sanda suka iso suka kama shi. Wanda iyayenmu suka kalla a sinima ke nan. Hausa ta yi hikima da ta kira aikin edita da aikin hukuma da kalma ɗaya, tacewa, domin duk almakashi ne. Bambancin yana ga wanda ya riƙe shi.

"Duk wannan wahalar a kan fim?"

Wani dattijo a majalisar ya ce, "Kai ɗan nan, fim ne fa, ba karatun gado ba." Na ce, "Haka ne Baba, amma data da caji da lokaci ba kyauta ake ba mu ba." Wanda ya ƙona datarsa ya sauko da fim, ya lallaɓa cajin wayarsa ya ba shi awa biyu da rabi, ya tashi da tunanin fim ɗin shirme ne alhali gurguwar siga ya samu, an cuce shi. Wanda aka ɗora wa awa huɗu a inda uku suka wadatar, shi ma an cuce shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai iyali, wato tambarin `Unrated`. Mutane suna ɗauka wani nau'in sigar darakta ne. Ma'anarsa kawai ita ce ba a kai wannan sigar gaban hukumar da ke ƙayyade shekarun masu kallo ba. Sau da yawa abin da aka mayar a cikinta shi ne ainihin abin da aka cire don a samu sassaucin hukuma: ƙarin jini, ƙarin batsa, ƙarin tsiraici. Ka taɓa kallon fim a talabijin ka ga babu abin kunya, ka sa a tura maka shi don ku kalla a falo, sai ga abin da ba ka zata ba a gaban yara da surukai. Ba fim ɗin ne ya sauya ba, siga ce daban. Kalmar nan guda a sunan fayil ta isa ta sa ka fara dubawa kai kaɗai.

Yadda nake gane wadda ke hannuna

Sunan fayil shi ne matakin farko: `DC`, `EXTENDED`, `THEATRICAL`, `UNRATED`. Amma masu tura finafinai a shago suna yawan goge dogon suna su bar sunan fim kawai, don haka abin dogaro shi ne tsawon lokaci. Ka duba mintoci nawa ne, ka kwatanta da shafin fim ɗin a IMDb, rumbun bayanan finafinai na intanet, inda akwai sashen `Alternate versions` mai bayanin abin da aka ƙara ko aka cire.

A nan akwai tarko. Ana ɗaukar fim a kan hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, amma faifan DVD na Turai da tsarin talabijin irin namu suna tafiya a kan 25. Wannan yana sa fim ya ɗan yi sauri da kusan kashi 4 cikin 100. Fim mai minti 144 sai ya koma wajen 138, ba tare da an cire ko fitowa ɗaya ba. Saboda haka giɓin minti biyar ko shida a dogon fim ba lallai ne yanka ba. In giɓin ya kai minti 15 ko 20, to lallai siga ce daban.

Alama ta uku ita ce rubutun fassara na ƙasan allo. In ya fara daidai da magana, sai can tsakiya ya yi tsalle ya riga masu magana da minti biyu ko uku a lokaci guda, to rubutun na gajeriyar siga ne, fim ɗinka kuma dogo ne. In kuwa a hankali yake zamewa tun daga farko, kaɗan-kaɗan, matsalar 24 da 25 ce. Na ɓata dare guda ina matsar da rubutu gaba da baya kafin na gane wannan.

Ni dai ga yadda nake yi. In ban taɓa kallon fim ba, sigar sinima nake fara nema, domin a mafi yawan lokuta ita ce darakta da mai tacewa suka fi ɓata lokaci suna gogewa. Ina kauce wa wannan ne kawai idan an san cewa an yi rigima, an ƙwace fim daga hannun mai shi, kuma shi da bakinsa ya ce ga wadda yake so. *Kingdom of Heaven* yana cikin waɗannan, haka *Blade Runner* na 2007. Doguwar siga irin ta Jackson kuwa sai a kallo na biyu, lokacin da na riga na san hanya, ina son tsayawa in duba gefen titi.

Ƙanina ya karɓi mai minti 190 ɗin daga wayar abokina a daren nan. Bayan kwana biyu ya same ni a ƙofar gida, ya ce, "Yaya, ashe matar nan tausayi ta cancanta." Sai kuma ya ƙara da cewa shi fa faɗan takobin da aka ƙara tsakanin Balian da Guy a ƙarshe bai ga amfaninsa ba, da an bar shi a cire. Ban yi masa gardama ba, domin ni ma haka na gani.